Yadda sakatare zai rubuta bayyana maslaha da fitar mamba daga ƙuri'a a rahoton taro

Akwai wani layi da nake yawan cin karo da shi a rahoton taro, wanda duk lokacin da na gan shi sai raina ya ɓaci, wai "Ma'aji ya bayyana cewa yana da alaƙa da maganar, an lura da hakan." Shikenan fa, an wuce batu na gaba. To wace irin alaƙa? Ya fita ko yana zaune? Ya yi magana kafin ya fita? Mutum nawa suka rage a ɗakin? Babu amsa ko ɗaya. Ranar da rigima ta tashi, mai binciken kuɗi ko lauya ya ɗauki wannan takarda, ba abin da za ta tsinana wa kowa, shi kansa ma'ajin da wataƙila ya yi abin da ya dace ya tashi ya fita, takardar ba za ta wanke shi ba.

Don haka ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne. Ka ɗauka wani wanda bai san kowa a kwamitinku ba zai karanta rahoton nan bayan shekara biyar, lokacin duk kun watse, shin daga rubutun kaɗai zai iya gane wa ya bayyana me, yaushe ya bar ɗaki, su wa suka yanke hukunci, kuma adadinsu ya kai? Duk matakan da ke ƙasa wannan suke hidima.

Abin da ake nufi da karon maslaha shi ne mamba ya zama yana da wani amfani na kashin kansa, ko na wani nasa na kusa, ko na wata ƙungiya da yake wa aiki, a cikin maganar da kwamiti zai yanke hukunci a kai. Ba laifi ba ne mutum ya samu kansa a haka, ɓoyewa ne laifi, kuma ya kamata sakatare ya riƙe wannan a ransa saboda yana shafar irin kalmomin da zai zaɓa.

Tun kafin ranar taro

Ka fara da buɗe kundin tsarin mulkin ƙungiyarku ko dokokin cikin gida, ka nemo amsar tambaya uku, ka rubuta su a gefen takardarka da lambar sashen da kowace take. Na farko, mai maslaha dole ne ya bar ɗaki ko kuwa ƙuri'a kawai zai bari. Na biyu, ana lissafa shi a kworam, wato mafi ƙarancin mambobin da sai sun hallara taro zai iya yanke hukunci, ko ba a lissafa shi. Na uku, rinjaye a wajenku na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ne ko na waɗanda suke zaune.

Kada ka ɗauka amsar iri ɗaya ce a ko'ina. Littafin ƙa'idojin taro na Henry Martyn Robert, injiniyan sojan Amurka da ya fara fitar da shi a 1876 kuma har yau ƙungiyoyi da yawa shi suke bi, cewa ya yi bai kamata mamba ya yi ƙuri'a a kan abin da yake da amfani na kansa ko na kuɗi wanda sauran mambobi ba su da shi ba, amma kuma ba za a iya tilasta masa ya bari ba. Dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006 kuwa ta fi tsauri a nata ɓangaren, sashe na 177 ya wajabta wa darakta ya bayyana wa sauran daraktoci irin maslahar da yake da ita da kuma girmanta tun kafin kamfani ya ƙulla cinikin, sannan a sashe na 175 idan daraktoci za su ba ɗan'uwansu izini a kan wani karo, izinin ba ya aiki sai an cika kworam ba tare da an ƙirga shi ba. Kaga kenan wuri ɗaya shawara ce, wani wuri doka ce. Naku kundin da dokar da ƙungiyarku ke ƙarƙashinta su ne alƙali.

Sai ka ɗauko rajistar maslaha, littafin ko fayil ɗin da kowane mamba ya rubuta inda yake aiki, kamfanonin da yake da hannun jari, da muƙaman da yake riƙe a wasu wurare. Ka jera ta kusa da ajanda ka bi batu bayan batu. In ka ga sunan kamfani ya fito a wuri biyun, ka kira ciyaman ka faɗa masa, shi kuma ya taɓa mamban tun kafin a zauna, domin ba abin da ke ɓata taro kamar a tsare dattijo a gaban mutane a ce ai ƙaninka ne mai kamfanin. Kuma idan takardun taro suna ɗauke da farashin da sauran masu neman kwangila suka bayar, ka cire wannan ɓangaren daga kwafin da za ka tura masa. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, an fitar da mutum daga ɗaki amma tun kwana uku da suka wuce an tura masa farashin abokan takarar ɗan'uwansa a waya.

Sannan ka sa "bayyana maslaha" ya zama batu na dindindin a ajanda, nan da nan bayan uzurin waɗanda ba su zo ba. Ko babu wanda ya ɗaga hannu ka rubuta "Shugaba ya tambaya, babu wanda ya bayyana maslaha a kan kowane batu." Wannan layin yana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin shi ke nuna an ba kowa dama ya yi shiru da saninsa.

A cikin ɗakin taro

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Kwamiti ne mai mutum 9, kundinsu ya ce kworam 5 ne, kuma mai maslaha ta kuɗi zai fita, ba a ƙirga shi. Ranar taro mutum 7 suka zo. Batu na 6 a ajanda shi ne bayar da kwangilar gyaran rufin ofis, kamfani uku suka nema, ɗaya daga ciki na ƙanin ma'aji ne.

Da aka zo batun bayyana maslaha ma'aji ya ce, "Shugaba, ina da 'yar alaƙa da batu na shida." Anan aikinka ya fara, domin "'yar alaƙa" ba ta isa ba. Ba kai za ka titsiye shi ba, ta hannun ciyaman za ka bi, ka ce, "Ranka ya daɗe, don rubutu, ko Ma'aji zai faɗi irin alaƙar?" Abu biyu kake nema, irinta da girmanta. Irinta shi ne ƙaninsa ne mai kamfanin. Girmanta shi ne ko shi ma yana da hannun jari a ciki, ko yana karɓar wani abu, ko ya tsaya masa a bashi. Ƙanina ne amma ba ni da ko sisi a kamfanin daban, ƙanina ne kuma ina da kashi 20 cikin ɗari daban, duk da cewa a kundi da yawa dukansu fita za su sa shi. Ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, kada ka ƙara gishiri, kada kuma ka sa kalma irin "ya amsa cewa" ko "an gano cewa", waɗannan kalmomin tuhuma ne. "Ya bayyana" ta wadatar.

Mataki na gaba da ake yawan tsallakewa shi ne wa ya yanke cewa ya fita. Idan kundi ya riga ya faɗa, sai ka rubuta lambar sashen kawai. Idan kuma abin yana da shakku, misali mamba ya ce ya taɓa aiki a kamfanin shekara 8 da suka wuce, to sauran mambobi ko ciyaman ne za su duba su ce wannan karo ne ko ba karo ba ne, shi mai maganar ba ya cikin masu yanke wannan. In sun ce ya zauna ka rubuta dalilin a jimla ɗaya. Gaskiya hukuncin barin mutum ya zauna ya fi bukatar dalili a rubuce fiye da hukuncin fitar da shi, saboda shi ne wanda za a zo a tambaya.

Da aka iso batu na 6, kafin a buɗe baki a kan maganar, ma'aji ya tashi. Ka kalli agogo ka rubuta, 11:42. Lokacin fita ba ado ba ne, shi ke nuna cewa ya fita kafin muhawara, domin wanda ya zauna ya yi ta yabon kamfani na rabin awa sannan ya fita ana shirin ɗaga hannu ai ya riga ya kaɗa ƙuri'arsa da baki. Idan kwamiti na bukatar wani bayani daga wajensa, a ce shi ne ya san nawa ke cikin asusun gyare-gyare, kuma kundi ya yarda, to a tambaye shi ya amsa sannan ya fita, kai kuma ka rubuta cewa bisa buƙatar kwamiti ya amsa tambaya a kan kuɗin da ke asusu kawai, bai yi magana a kan kamfanonin ba.

Ƙofa na rufuwa ka ƙirga kawuna, da ido, ba daga takardar halarta ba, don wani lokaci wani ya zame ya fita amsa waya ba ka lura ba. Mutum 6 suka rage, kworam 5, an cika. Ka faɗa da ƙarfi ciyaman ya ji, ka rubuta.

To yanzu ga inda lissafi ke da daɗi. An yi ƙuri'a a kan ba wa kamfanin ƙanin ma'aji aikin, 3 sun yarda, 2 sun ƙi, 1 ya yi rowar ƙuri'a. Ya wuce ko bai wuce ba? Idan kundinku ya ce rinjayen waɗanda suka kaɗa ƙuri'a, to ƙuri'u 5 aka kaɗa, 3 ya fi rabi, ya wuce. Idan kuwa ya ce rinjayen mambobin da ke zaune, mutum 6 ne a zaune, ana bukatar 4, ƙudurin ya faɗi, duk da cewa masu yarda sun fi masu ƙi yawa. Shi ya sa nake ƙin a rubuta "an amince da rinjaye" a irin wannan batu, ka rubuta alƙaluman su kansu, wanda zai karanta ya yi lissafinsa.

Kuma kada ka haɗa mai rowar ƙuri'a da wanda ya fita. Mai rowa yana ɗaki, ya ji muhawara, yana da haƙƙin ƙuri'a ya zaɓi kada ya yi, kuma ana ƙirga shi a kworam. Ma'aji ba ya cikin lissafin kwata-kwata. Idan ka rubuta "3 sun yarda, 2 sun ƙi, 2 sun ƙaurace" ka mayar da ma'aji cikin ɗakin da alƙalaminka, ka goge fitar da ya yi.

Ga yadda zan rubuta wannan ɓangaren:

"Batu na 6, kwangilar gyaran rufin ofis. Kamar yadda ya bayyana a batu na 2, Ma'aji yana da maslaha a wannan batu, ƙaninsa ne mamallakin ɗaya daga cikin kamfanoni uku da suka nema, ya kuma bayyana cewa shi ba shi da hannun jari ko wani amfani na kuɗi a kamfanin. Bisa sashe kaza na kundi, ya bar ɗakin da ƙarfe 11:42 kafin a fara tattaunawa. Ba a tura masa takardun wannan batu ba. Mambobi 6 suka rage, Shugaba ya tabbatar an cika kworam na 5. Kwamiti ya kwatanta tayin uku ta fuskar farashi, tsawon lokacin aiki da garanti. Ƙuri'a: 3 sun yarda, 2 sun ƙi, 1 bai kaɗa ba. Ƙuduri ya wuce bisa sashe kaza. Ma'aji bai shiga tattaunawa ko ƙuri'a ba, ya dawo da ƙarfe 12:05 bayan an rufe batun, Shugaba ya sanar da shi hukuncin."

A rahoton gaske sunan ma'ajin da na kamfanin za ka sa cikakku, ba muƙami kawai ba, don muƙami yana canja hannu. Ka lura kuma na sa abin da aka duba wajen zaɓe. Tunda kamfanin ɗan'uwan mamba ne ya ci, wannan jimlar ita ce za ta tsaya wa kwamiti, in ma ba shi ne mafi araha ba to dole a faɗi dalilin da ya sa aka tsallake mai arahar.

Idan abu bai tafi sumul ba

Mu koma misalin nan, a ce bayan ma'aji wasu mutum biyu ma sun bayyana, ɗaya yana aiki da kamfani na biyu, ɗaya surukin mai kamfani na uku ne. Bakwai a cire uku, saura 4, kworam ya karye. Anan ne za ka ji wani ya ce to ɗaya ya dawo ya zauna a kusurwa kada ya ce komai, a cika lamba. In kundinku ya ce ba a ƙirga mai maslaha, zamansa a kusurwa bai ƙara komai ba sai ɓata rubutu. Abin da za ka rubuta shi ne an rasa kworam a kan batu na 6, ba a yanke hukunci ba, an ɗage shi zuwa zaman da sauran mambobi biyun za su halarta, ko an miƙa shi ga babban taro idan kundi ya ba da wannan hanyar. Sauran batutuwan ajanda ba su lalace ba, mutum ukun na dawowa kworam ya dawo a ci gaba.

Idan ciyaman ne mai maslahar, ya miƙa kujera ga mataimaki kafin a taɓa batun, ka rubuta sunan wanda ya karɓa da lokacin, haka lokacin da ya mayar. Ƙuri'ar raba gardama, inda ake da ita, tana bin wanda ke kan kujera a lokacin, ba a aika a tambayo ciyaman a waje. In kai sakatare ne abin ya shafa, ka miƙa biro ga wani ka fita kamar kowa, a rubuta wanda ya ɗauki bayanin wannan ɓangaren. Haka wanda ya fita ba zai bar wa wani wakilcin ƙuri'arsa a kan batun ba, ai shi ne dai ya dawo ta taga.

Wani kuma zai ƙi fita, ya ce shi bai ga karo ba. Kai ba ɗan sanda ba ne, ka rubuta abin da ya faru daki-daki: wane ya ja hankali, mamba ya ce kaza, shugaba ya yanke kaza, mamba ya ci gaba da zama, ya yi ƙuri'a ko bai yi ba. A irin wannan ranar ka nemi a yi ƙuri'a da sunaye, domin daga baya a iya cire tasa a ga ko hukuncin zai tsaya da ƙafarsa. 5 da 1 ko an cire ɗaya ba abin da ya canja, amma 4 da 3 in aka cire ɗaya daga masu rinjaye an koma kunnen doki.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A watan Nuwamba na 1998 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, sun yanke hukunci 3 da 2 cewa tsohon shugaban Chile Augusto Pinochet ba shi da kariya daga kamu. Ƙungiyar Amnesty ta shiga shari'ar, sai ga shi ɗaya daga cikin ukun, Lord Hoffmann, darakta ne a reshen agaji na ƙungiyar kuma ba a bayyana wa ɓangarorin ba. A watan Disamba aka soke hukuncin gaba ɗaya, aka sake sauraren shari'ar da wasu alƙalai. Babu wanda ya ce ya ci ko kwabo, alaƙar da ba a faɗa ba ce kawai ta rushe aikin.

Taron da ake yi ta intanet yana da nasa tarkon. Kashe makirfo da kyamara ba fita ba ne, mutum yana jin komai kuma kowa yana ganin sunansa a allo, wanda zai soki kamfanin ƙanin mai maslahar sai ya haɗiye maganarsa. A Zoom mai riƙe da taro ya tura shi Waiting Room, wato ɗakin jira, ko shi mai maslahar ya fita gaba ɗaya a sake kiransa, kai kuma ka duba jerin mahalarta ka tabbatar bai shiga da na'ura biyu ba, ka rubuta lokacin. Idan ana ɗaukar bidiyon taron, kada a tura masa cikakkensa.

Bayan an tashi

A ranar ko washegari ka shigar da bayanin a rajistar maslaha, kwanan wata, suna, batu, irin maslahar, matakin da aka ɗauka, da lambar sakin layin rahoton, yadda littattafan biyu za su riƙa nuna juna. Bayyanawa sau ɗaya ba ta wanke gaba, in maganar rufin ta dawo wata uku masu zuwa don biyan kashi na biyu, ma'aji zai sake bayyanawa ya sake fita, kuma bai kamata ya zama shi ne mai sa hannu a kan cekin ba, wannan ma a rubuta wa aka ɗora wa.

Daftarin rahoto da za ka raba, idan ɓangaren batu na 6 yana ɗauke da sirrin sauran kamfanoni ko wa ya ce me, ka ware shi a shafi na daban na waɗanda suka zauna, ma'aji ya samu hukuncin kawai. Yana da haƙƙin ya gyara yadda aka rubuta bayaninsa da lokacin fitarsa, amma ba ya gyara muhawarar da bai ji ba.

Saura matsala ɗaya, wadda ita ce ta fi jarraba sakatare. An yi taro an gama, ciyaman ya sa hannu a rahoto, sai bayan wata biyu aka ji ashe wani mamba da ya yi ƙuri'a yana da hannu a kamfanin. Za a zo maka a ce don Allah ka ɗan koma tsohon rahoton ka ƙara layi ɗaya cewa ya bayyana. Kada ka yi. Tsohon rahoto gaskiya ya faɗa, bai bayyana ba, kuma a wurare da yawa rahoton da shugaba ya sa wa hannu hujja ce a kotu, dokar Birtaniyar nan ma ta ce a ajiye na daraktoci aƙalla shekara 10. Gyaran yana zuwa ne a sabon taro: a sa batun a ajanda, mamban ya bayyana yanzu ya kuma faɗi yaushe ya sani, ya fita, a ƙirga kworam, sauran su sake duba maganar su tabbatar da hukuncin ko su soke shi, ka rubuta duka da kwanan watan yau. A gefen tsohon rahoton abin da za ka ƙara bai wuce ishara ba, "duba batu kaza na taron ranar kaza", da sa hannunka da kwanan wata. Idan an riga an ƙulla kwangilar har an fara biya, to kafin a yi maganar sokewa sai an ji ta bakin lauya, domin kamfanin ma yana da haƙƙinsa a yarjejeniyar.